Darasi na 9: Jera lambobi gurbi-gurbi don tsohuwar manhajar lissafi

Kun san takardar banki mai ƙananan akwatuna, wadda ake sa harafi ɗaya a kowane akwati? Haka tsohuwar manhajar lissafi take karɓar bayani. Ba ta san suna ba, ba ta san naira ba, gurbi kawai take ƙirgawa. Idan an ce mata kuɗi yana farawa daga gurbi na 22, duk abin da ta tarar a wurin shi za ta ɗauka.

Mu ɗauki wata ƙungiyar 'yan hatsi a Gombe da ke shigar da zubin membobinta duk wata. Takardar tsarin manhajarsu ta ce kowane layi gurbi 31 ne. Gurbi na 1 zuwa 6 lambar memba, na 7 zuwa 21 suna, na 22 zuwa 31 kuɗi. Taku manhajar na iya bambanta, don haka ku nemi takardar tsarinta kafin ku rubuta komai.

Suna ba ya ba da wahala. A fara shi daga hagu, a cike sauran gurabun da tazara. Ita lamba daga dama ake jingina ta, sannan a cike hagu da sifili. Memba mai lamba 482 zai zama 000482.

Kuɗi ne ke bukatar natsuwa. A wannan tsarin babu alamar naira, babu waƙafi, babu ɗigo. Manhajar ta riga ta ɗauka cewa lambobi biyu na ƙarshe kwabo ne. To, Hauwa Bello ta zuba naira 12,500 da kwabo 50. Sai a ninka da 100, a samu kwabo 1250050. Lambobi bakwai ke nan, gurabun kuma goma, saura uku. A sa sifili uku a gaba: 0001250050. Sani Ɗanladi ya zuba naira 3,000 cif, babu kwabo, amma shi ma sai an ninka: 0000300000.

```
000482HAUWA BELLO    0001250050
001907SANI DANLADI   0000300000
```

Wanda ya manta ninkawa, ya rubuta 0000003000, ya mayar da dubu ukun Sani naira 30. Manhajar kuwa ba za ta ce uffan ba, domin layin ya cika gurbi 31 lafiya lau. Sai ranar rabon kuɗi Sani ya miƙe yana cewa, "Malam Sakatare, ina kuɗina?"

Kun lura an rubuta DANLADI da D marar lanƙwasa? Da gangan ne. A wajen karatu mun sha gaya muku kada ku yar da ƙ, ɗ da ɓ, amma a nan sai haƙuri. Idan aka adana fayil a tsarin UTF-8, harafi mai lanƙwasa yana cin wuri biyu, alhali a ido ɗaya ne. Tsohuwar manhaja wurin take ƙirgawa. Sai komai ya gusa dama da gurbi ɗaya: ta fara karanta kuɗin daga tazarar ƙarshe ta suna, sifilin ƙarshe ya faɗa waje. Wata manhajar za ta ƙi karɓar layin, kuma gara hakan. Wata kuwa za ta karanta naira 300.

Masu aiki da Excel kada su cike sifili da hannu, domin yana share sifilin gaba da zarar ya ɗauki abu a matsayin lamba. Idan lambar memba tana A2, suna B2, kuɗi C2, a sa wannan a D2, a ja shi ƙasa:

```
=TEXT(A2,"000000")&LEFT(B2&REPT(" ",15),15)&TEXT(C2*100,"0000000000")
```

Sashen tsakiya yana ƙara tazara ga gajeren suna, yana datse wanda ya wuce harafi 15. Amma ba a datse kuɗi. Gurbi goma iyakarsa naira 99,999,999 da kwabo 99, abin da ya haura haka sai a tuntuɓi mai kula da manhajar.

A kwafi layukan D zuwa Notepad, a zaɓi rubutun Courier New, wanda kowane harafinsa faɗi ɗaya ne. Dole ƙarshen layukan su tsaya a jere kamar buhunan da aka jera a sito. Wanda ya leƙo waje ko ya shige ciki, akwai matsala. A danna ƙarshen layi, a ƙasa za a ga `Col 32`. Wannan dubawar ba ta kama harafi mai lanƙwasa, shi sai an bi sunayen da ido. Bayan shigarwa, a gwada jimillar da manhajar ta nuna da ta littafin ma'aji. Ta layukanmu biyu naira 15,500 da kwabo 50 ce.

Aiki: memba mai lamba 76, Ladi Ƙasimu, ta zuba naira 850. Ku zana akwatuna 31 a littafinku, ku cike mata layinta. Tazara nawa kuka bari bayan sunanta?