Darasi: Tafiyar Ƙafa Idan Rai Ya Yi Ƙunci

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani tela da ke da shago a wajen Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Daga safe har magariba yana kan keken ɗinki, in ya tashi kuma babur yake hawa zuwa gida. Wata rana ya ce, "Malam, ba abin da ke mini ciwo, amma raina a jagule yake. Barci ba ya zuwa, abu kaɗan sai faɗa da yara." Na tambaye shi minti nawa yake takawa da ƙafa a rana. Da muka lissafa, da zuwa masallaci da komai, bai kai minti 10 ba.

Ƙuncin rai yana sa mutum ya zauna wuri ɗaya, zaman kuma ya ba tunani fili, dare ya yi barci ya gagara, gobe a tashi da kasala. Tafiya tana tsinka wannan igiya. Jiki yana samun gajiya mai kyau, hasken safiya yana taimaka wa barci ya koma lokacinsa, ido kuma ya ga mutane. Da yawa sukan ji sauƙi kaɗan tun a ranar, amma sauƙin da ke zama sai an yi makonni ana yi.

To, nawa ne ya isa?

Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Minti 150 shi ne minti 30 a rana, kwana 5. Kada wannan lissafi ya karya maka gwiwa. Wani nazari da aka wallafa a 2022, wanda ya haɗa bayanan mutum fiye da 190,000, ya nuna masu cika wannan ma'auni sun fi marasa motsi tsira daga ciwon damuwa da kashi 25 cikin 100, masu yin rabinsa kuwa da kashi 18. Ka ga ke nan yawancin amfanin yana cikin rabin farko. Ni a ganina wannan ne ya fi dacewa a gaya wa wanda tashi daga tabarma ma yake masa wuya.

"Matsakaici" ba ya bukatar na'ura, bakinka ne ma'auni. Ka yi sauri irin na wanda ya ji an tada iƙama yana nesa da masallaci. In kana iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya rera waƙa ba, ka dace. In magana tana yankewa, sassauta.

Ga yadda telan nan ya yi. Makon farko, bayan sallar asuba, yakan yi minti 5 gaba ya juyo, kwana 5: minti 50. Mako na biyu da na uku ya mayar minti 15, wato 75 a mako. A na huɗu ya ƙara minti 15 bayan la'asar, ya cika 150. Amma ya yi kuskure sau ɗaya: ranar da ya ji ƙarfi ya yi awa guda da silifa, ƙafa ta sale, ya yi kwana huɗu bai fita ba, ran ya sake dagulewa. Da ya samu takalmi mai rufi ya koma minti 15. Barci ne ya fara gyaruwa, kafin fushin ya ragu.

Uwargida da ba ta cika fita ba, zagayen tsakar gida da sauri, shara da daka duk suna shiga lissafi, muddin numfashi ya ɗan ɗaga. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, a guji tsakar rana, a sha ruwa. Da hunturu mai asma ya rufe hanci ko ya bari ƙura ta lafa. Mai azumi ya bari sai bayan buɗa baki.

Tafiya tana da iyaka. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi sama-sama, a tsaya nan take a nemi likita. Mai ciwon zuciya ko suga ya yi shawara kafin ya fara. In baƙin ciki ya kai mako 2 kusan kullum, abinci da sana'a sun fita rai, ko tunanin kashe kai ya zo, a je asibiti ba da jinkiri ba. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya fara tafiya.

Aikin gida: ja layi 7 a littafinka, ɗaya ga kowace rana. Rubuta mintocin da ka taka, sannan kafin ka kwanta ka ba ranka maki daga 1 zuwa 5. Mako mai zuwa za mu haɗa jimillar a allo.