Darasi na 6: Wane irin fayil za ka ajiye hira a ciki, WAV ko MP3?

To jama'a, a darasin baya mun koyi yadda ake saita makirfo da ɗaukar hira, yau kuma maganar ajiya ce. Ka zauna da dattijo awa ɗaya da rabi ya ba ka tarihi, ka dawo gida ka jona rikoda da kwamfuta, sai ka ga fayil ɗin ya yi nauyi, zuciyarka ta ce maka kai mayar da shi MP3 ka goge wancan ka huta. Wannan gogewar ita ce nake so mu tsaya a kanta, don in an yi ta ba a dawo da ita.

Sauti a kwamfuta lambobi ne kawai. Rikoda tana auna muryar mutum sau dubbai a kowace daƙiƙa tana rubutawa. In ka ga an rubuta `48 kHz` a fuskar rikoda, ana nufin awo 48,000 a daƙiƙa ɗaya, shi kuma `24-bit` yana nuna zurfin kowane awo, wato yadda aka rubuta shi filla-filla. Fayil ɗin WAV da rikoda ke fitarwa yana ajiye lambobin nan gaba ɗaya kamar yadda aka auna su, bai matse komai ba. Shi ya sa yake da nauyi.

Matsi kuma iri biyu ne, kuma a nan mutane ke rikicewa. Akwai matsi mara asara, irin na FLAC. Wannan kamar ka linke riga ne ka sa a jaka, ta ci wuri kaɗan, amma ranar da ka warware ta rigarka ce dai cif-cif, ko zare ɗaya bai fita ba. Sai matsi mai asara, irin na MP3 da AAC da Opus. Shi wannan almakashi yake sawa. Manhajar tana duba sautin ta yanke abin da ta kimanta kunnen mutum ba zai lura da shi ba, misali ƙaramin sauti da wani babba ya danne a lokaci guda, ko sauti mai tsinin gaske da ke can sama, ta zubar. Kuma gaskiya dabarar tana aiki, in ka saurari MP3 mai kyau a waya da wuya ka ce an cire wani abu. Matsalar ba ta bayyana ranar da aka matse, sai daga baya, ranar da wani zai yi aiki a kan fayil ɗin.

Bari in ba ku abin da ya same ni. Na taɓa ɗaukar hira da wata tsohuwa mai magana ƙasa-ƙasa, ga fanka tana juyawa a ɗakin ban kashe ba. Na mayar da fayil ɗin MP3 na `64 kbps`, wato kilobit 64 a kowace daƙiƙa, matsi mai tsanani, na goge na asali don katin rikoda ya cika. Bayan wasu shekaru aka buƙaci hirar, na zo in ɗaga muryarta in rage ƙarar fankar, sai muryar ta koma kamar ana magana a cikin ruwa, wani ƙululu-ƙululu yana bin kowace kalma, "s" da "sh" da "ts" duk sun cakuɗe. Akwai sunan wani mutum da ta ambata sau ɗaya tak, na saurara ya fi sau ashirin ban iya rabewa ba. Dalili shi ne manhajar matsi ta ɓoye ɓarnarta ne a ƙarƙashin ƙarar da ke wurin, to da na janye ƙarar na ɗaga muryar sai ɓarnar ta fito fili. Tsohuwar kuma ta rasu, Allah ya jiƙanta, ba damar sake tambaya.

Akwai kuma ɓarna ta biyu. Duk lokacin da ka buɗe MP3 ka yanke wani wuri ka sake fitar da shi a MP3, an sake sa masa almakashi ke nan. Sau ɗaya ba ka ji ba, sau huɗu sau biyar sai kowa ya ji. WAV da FLAC kuwa ko sau ɗari ka juya wannan zuwa wancan, lambobin ba sa canzawa.

Yanzu mu yi lissafi, don yawanci tsoron nauyi ne ke sa mutane zaɓar MP3. A ce kana da hira 40, kowace awa ɗaya da rabi, jimla awa 60. Ka ɗauka da makirfo ɗaya, layin sauti ɗaya, a `48 kHz` da `24-bit`.

```
48000 x 24 / 8 = 144,000 bytes/s
144,000 x 3600 = 518,400,000 bytes
```

An raba da 8 ne don bit 8 ke yin byte ɗaya, 3600 kuma daƙiƙun awa ɗaya ne. Wato awa ɗaya ta ci wajen megabait 518. Awa 60 ta zama gigabait 31 da ɗan ɗoriya. In layi biyu ne, hagu da dama, ka ninka, gigabait 62. Da MP3 na `128 kbps` ne, awa ɗaya megabait 58 ce, duka aikin gigabait 3 da rabi. Eh, bambancin ninki tara ne, ba ƙarya. Amma dubi ɗaya gefen: faifan ajiya mai terabait 1 zai ɗauki wannan gigabait 31 ɗin sau talatin har da saura. Ashe wurin da kake ƙoƙarin tanadi ba wani wuri ba ne. FLAC kuma yakan rage nauyin zuwa wajen rabi, wani lokaci bai kai haka ba, ya danganta da yawan hayaniyar da ke cikin ɗaukar, domin hayaniya ba ta matsuwa sosai.

Masu adana sauti na duniya suna da ƙungiya, IASA, kuma a littafin ƙa'idarsu da ake kira TC-04 sun ce mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne `48 kHz` da `24-bit`, a fayil ɗin WAV ko ɗan'uwansa BWF. Shi BWF WAV ne dai, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ta fito da shi a 1997, ta ƙara masa wurin rubuta bayani a cikin fayil ɗin, kamar ranar ɗauka da wanda ya ɗauka. In tsohon kaset kake juyewa zuwa kwamfuta, sun fi son `96 kHz`. A nan sai ka kula, WAV na gargajiya ba ya wuce gigabait 4, kuma `96 kHz` a layi biyu yana cin gigabait 2 da 'yan kai a awa, don haka doguwar hira rikoda za ta tsinka ta gida biyu ko uku. Kada ka ɗauka ta lalace, ka dai tabbatar ka kwashe duka guntayen.

To tsakanin WAV da FLAC wanne? Duk biyun sun yi. WAV tun 1991 yake, kusan babu manhajar da ba ta buɗe shi. FLAC ya fito a 2001, buɗaɗɗe ne ba a biyan kowa kuɗin amfani da shi, kuma a ƙarshen 2024 aka wallafa ƙa'idarsa a hukumance da lamba RFC 9639. Ni dai ina son FLAC saboda abu ɗaya: lokacin da yake matsewa yana lissafa wata lambar shaida daga sautin ya ajiye a cikinsa, bayan shekara goma kana iya tambayarsa ko wani abu ya taɓu.

```
flac --best --keep-foreign-metadata hira07.wav
flac -t hira07.flac
```

Layin farko shi ke matsewa, kuma kalmar `--keep-foreign-metadata` ita ke hana bayanan BWF zubewa, in ka manta da ita sautin zai tsira amma bayanin ya tafi. Layi na biyu gwaji ne, in ya ce `ok` lafiya lau, in ya nuna kuskure sai ka ɗauko ɗaya kwafin naka. WAV ba shi da wannan gwajin a jikinsa, sai ka yi masa lambar shaida daban. Idan kuma wata ma'ajiya za ka kai wa hirarrakin, ka tambaye su abin da suke karɓa tun kafin ka juya komai, da yawa WAV suke so.

Kada a ce na hana MP3. Yana da aikinsa, shi ne kwafin yawo. Daga uwar fayil, wato WAV ko FLAC ɗinka na asali, ka fitar da MP3 ka tura wa mai rubuta hirar, ka ba iyalan wanda aka yi hira da shi, ka sa a intanet. In ya ɓata ko ya lalace ka sake fitar da wani. Uwar kuwa ba a gyara a kanta, ba a rage mata hayaniya, ana ajiye ta a wuri biyu ko uku, ɗaya ba a gida ɗaya da sauran ba.

Sai tambayar da a kowane aji ake yi min: Malam, ni da waya na ɗauka, fayil ɗin `.m4a` ne, in mayar da shi WAV ya gyaru? A'a. Abin da aka zubar ya zube, za ka samu fayil mai nauyi ne kawai da sauti iri ɗaya. Ka ajiye `.m4a` ɗin yadda ya fito daga wayar, shi ne asalinka, kada ka goge shi. In kana tsoron wata rana a rasa manhajar buɗe shi, ka yi kwafin WAV ka ajiye gefensa, ka rubuta a bayaninsa cewa daga `.m4a` aka juyo. Kuma ka kwaso shi da wayar caji ko kati, kada ka kunna ka sake ɗauka a saƙon murya na WhatsApp, wanda yake matsewa da Opus sosai. Af, `.m4a` ɗin ma ba kullum mai asara ba ne, yawanci AAC ne a ciki amma akwai mai ALAC wanda mara asara ne, umarnin `ffprobe` zai gaya maka wanne ne.

Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne WAV ɗin da wani ya kawo maka alhali daga MP3 ya juyo shi, don sunansa da nauyinsa duk za su nuna WAV ne. Buɗe shi a manhajar gyaran sauti ta Audacity, ka canza kallon layin zuwa `Spectrogram`, wanda ke zana tsinin sauti daga ƙasa zuwa sama, ka buɗa ma'aunin har sama ya kai 20,000. Ɗauka ta asali za ka ga launin yana dusashewa a hankali in ana hawa sama. Wanda ya bi ta MP3 na `128 kbps` sau da yawa za ka ga an datse shi a wajen 16,000, layi miƙaƙƙe kamar da reza, samansa baƙi ƙirin. Wannan alama ce mai ƙarfi amma ba hukunci ba ce, MP3 mai `320 kbps` datsewarsa tana can wajen 20,000 inda da wuya ka lura, shi ya sa tambayar wanda ya kawo fayil ɗin ta fi komai sauƙi.

Aikin gida: kowa ya ɗauki muryarsa ta minti biyu a WAV, da fanka ko rediyo a kunne ƙasa-ƙasa. Ku fitar da MP3 na `64 kbps`, ku buɗe wannan MP3 ɗin ku sake fitar da wani daga gare shi, haka har sau biyar. Ku zo da na farko da na biyar da abin sawa a kunne, sannan ku lissafa min gigabait nawa hira 25 ta awa ɗaya-ɗaya za ta ci a layi biyu, `48 kHz` da `24-bit`.