Yadda Ake Ba da Maki ga Insha'in da Ya Yi Daɗi Amma Ya Kauce wa Tambaya

Malamin da ke duba takardun insha'i na 'yan aji biyar ko shida na sakandare ya san irin wannan takarda. Bayan ya sha fama da rubutun da ba ya karantuwa, sai ya ci karo da ɗalibin da jimlolinsa ke tafiya sumul, har jan biro ya rasa wurin sauka. Hannu na ƙaiƙayin rubuta 45 cikin 50, amma zuciya na cewa ba abin da aka tambaya ba ke nan. Ga hanyar da nake ganin ta fi adalci, da misalin da kowane malami a Gombe zai gane.

A ce tambayar ita ce: rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukumarku, ka bayyana illoli uku da zaizayar ƙasa ke yi wa unguwarku, ka kuma ba da shawarar yadda za a magance ta.

Mataki na farko ana yin sa tun kafin a buɗe takardar kowa. Ka ɗauki tambayar ka farfasa ta a gefen takarda. Wannan tana neman abu huɗu: siffar wasiƙar hukuma, illoli guda uku, a unguwar ɗalibin kansa, sannan shawara. Idan ba ka rubuta su tun farko ba, takardar da ta fi daɗi ita za ta fassara maka tambayar, ka wayi gari kana auna sauran 'yan ajin da ita.

Sai rabon maki. Makarantu da yawa na bin tsarin da WAEC ke bi a insha'in Ingilishi, wato maki 50 da aka kasa huɗu: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Amfanin wannan rabo shi ne, iya harshe yana da gidansa, kuma gida ne babba. Ba ka zaluntar ɗalibi mai baki idan ka hana shi makin ƙunshiya, domin an riga an biya shi a wani wuri.

Yanzu ka karanta takardar sau biyu. Karatun farko na jin daɗi ne, kar ka rubuta komai. A na biyu, ka tsaya a ƙarshen kowane sakin layi ka tambayi kanka: wanne daga cikin abubuwa huɗun nan wannan sakin layi ya amsa? Ka rubuta amsar a gefe da kalma ɗaya. Idan bai amsa ko ɗaya ba, ka ja ɗan layi a gefensa. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne aiki, saboda kunne na iya ruɗuwa da daɗin magana, amma gefen takarda ba ya ruɗuwa.

Mu ɗauki ɗalibar da ta rubuta sakin layi shida. Adireshi biyu, kwanan wata, gaisuwa, kan magana da rufewa duk sun zauna daidai. Sakin layi na farko gabatarwa ce mai kyau. Na biyu ya yi bayanin sare itatuwa don gawayi, na uku zubar da shara a magudanun ruwa, na huɗu gina gidaje a kan hanyar ruwa. Duka ukun an rubuta su da gwaninta, sai dai dalilan zaizayar ƙasa ne, ba illolinta ba. A na biyar ne kawai ta ambaci yadda kwari ke cin gindin gidaje har katanga ta rufta da damina. Na shida roƙo ne cewa hukuma ta kawo ɗauki, ba tare da ta faɗi a yi me ba. Gefen takardar zai nuna maka layi uku a jere, illa ɗaya cikin uku, da shawara ta fatar baki.

Ga yadda zan raba mata. Ƙunshiya 3 cikin 10: ta kawo illa ɗaya da kyau, ta tsaya a kan zaizayar ƙasa, amma mafi yawan abin da aka nema babu shi. Tsari 6: siffar wasiƙar ta cika, sakin layukan na bin juna, sai dai rabin wasiƙar ya tafi wani wuri. Sarrafa harshe 14 cikin 20. A nan wasu malamai za su ce a ba ta 17, kuma na fahimce su, amma ni ina ganin sarrafa harshe ya haɗa da zaɓen maganar da ta dace da manufar rubutu. Wadda aka ce ta kai kuka ga shugaba sai ta yi masa lacca, harshenta bai gama yi mata aiki ba. Ƙa'idojin rubutu 8, tunda kurakurai huɗu ne kacal. Jimla 31 cikin 50, wato kashi 62 cikin 100. Ta ci da kyau, amma ba ta kai sahun gaba ba, kuma nan ne wurinta. Telan da aka kai wa yadi aka ce babbar riga, ya ɗinka kaftani mai kyan gaske, a yaba ɗinkinsa, amma ba a biya shi kuɗin babbar riga.

Ka ajiye takardarta kusa da ta yaron da harshensa ke ɗingishi amma ya kawo rushewar gidaje, yankewar hanyar da yara ke bi zuwa makaranta, da cinye gonaki, sannan ya ba da shawarar gina magudanun siminti da dasa itatuwa a bakin kwarin. Shi zai iya samun 8, 7, 11 da 6, jimla 32. Idan ka ga ta zarce shi da maki goma ko fiye, to daɗin harshe ya shiga gidan ƙunshiya, ka koma ka sake dubawa.

Akwai kaucewar da ta fi wannan muni, wato insha'in hadda. Ɗalibi ya haddace rubutu a kan sauyin yanayi, ya liƙa masa sunan unguwarsu a sama da ƙasa. Alamarsa a fili take: kalmomin tambayar na fitowa a sakin layi na farko da na ƙarshe kawai, harshen tsakiya ya fi na gefe ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma babu ko abu ɗaya da mai ido ya gani a unguwa. Wannan ba shi da komai a ƙunshiya da tsari, makin harshensa ma a rage shi sosai, don ba a tabbatar nasa ba ne. Idan jarrabawar hukuma kake dubawa, ka bi abin da jadawalin ba da maki na shekarar ya tanada, ka tuntuɓi shugaban tawagarku kafin ka yanke.

Kar kuma ka hukunta wanda ya bi wata hanyar da ba ka zata ba. Ɗalibin da ya kawo faɗuwar darajar filaye ko ƙaurar maƙwabta a matsayin illa bai kauce ba, ya hango abin da ba ya cikin jerinka ne. Gwajin mai sauƙi ne: idan za ka iya sa jimlarsa bayan "zaizayar ƙasa ta jawo" ta zauna, illa ce, ka ba shi makinsa.

Idan ka tarar kusan rabin aji sun kauce ta fuska ɗaya, ka koma kan tambayar, mai yiwuwa lafazinta na ɗaukar ma'ana biyu, ko ba a koya musu bambancin dalili da illa ba. A nan sai ku zauna da shugaban sashe ku amince da ma'auni ɗaya, a sake duba takardun duka da shi, har da waɗanda aka riga aka ba maki.

A ƙasan takardar ɗalibar, ka rubuta makin kowane kashi daban, ka ƙara mata layi biyu: harshenki ya yi kyau ƙwarai, amma sakin layi na 2 zuwa na 4 dalilai ne, illoli aka nema, ki sake rubuta su ukun ki kawo mini ranar Litinin.