Yadda Ake Gyara Tagar da Ke Yin Dishi-dishi Idan An Ja Ta Daga Monita Mai 4K Zuwa Monita Na Gama-gari

Wannan matsala tana da alama guda da ke bambanta ta da sauran matsalolin monita. Rubutun manhaja yana fitowa tsaf a kan monita ɗaya, amma da zarar an ja tagar da linzami zuwa ɗayan sai haruffan su yi dishi-dishi, alhali agogo da gumakan da ke ƙasan allon suna nan garau. Idan haka abin yake, monitan lafiyarsa ƙalau. Abin da ka gani aikin Windows ne, wanda ya ɗauki tagar tamkar hoto ya faɗaɗa ta ko ya matse ta, domin manhajar ba ta iya sake zana kanta ba. Bayanin nan na Windows 10 da Windows 11 ne.

Abin da ke faruwa a ciki

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Akwai monita mai inci 27 da ke nuna 3840×2160, an saita ma'aunin girmansa a 150%. A gefensa akwai mai inci 24 da ke nuna 1920×1080, yana kan 100%. A lissafin Windows, 100% na nufin DPI 96, wato ɗigo 96 a kowane inci, shi kuma 150% na nufin DPI 144. Saboda haka tagar da faɗinta ya kai ɗigo 600 a ƙaramin monita tana bukatar ɗigo 900 a mai 4K kafin ido ya gan ta da girma kusan iri ɗaya.

Abin tambaya shi ne wane ne zai samar da waɗannan ɗigo 900 ɗin. Manhajar zamani tana karɓar saƙo daga Windows cewa DPI ya canja, sai ta sake zana haruffanta da maɓallanta daga farko. Tsohuwar manhaja ba ta jin wannan saƙon. Wata ba ta san komai ba sai DPI 96. Wata kuma, kuma irinta ce ta fi ruɗa mutane, tana duba DPI na babban monita, wato wanda aka zaɓa a matsayin main display a Windows ko da ba shi ya fi girma ba, sau ɗaya lokacin da ta tashi, ta riƙe shi har a rufe ta. Ita ce ke yin kyau a monita ɗaya ta lalace a ɗayan. Idan ta zana kanta a ɗigo 600 aka kai ta allon 4K, dole Windows ya raba kowane ɗigo biyu su cike gurbin uku, kuma daga nan gefen haruffa ke narkewa.

Mataki na farko: tabbatar ba girman allon ba ne

Shiga Settings, sai System, sai Display. Danna kowane monita a zanen da ke sama, ka duba Display resolution. Kowannensu ya kasance a kan lambar da aka rubuta wa Recommended. Idan monita mai 3840×2160 yana gudana a 2560×1440, komai da ke kansa zai yi dushe, har da gumaka, kuma babu wani gyaran manhaja da zai taimaka. A nan kuma ka tabbatar ba a kunna Custom scaling ba, domin yana ɗora lamba ɗaya a kan dukkan monitoci. A Windows 11 kowane monita ya samu nasa daga jerin Scale, a Windows 10 kuma daga jerin da ke ƙarƙashin Scale and layout.

Mataki na biyu: gano irin manhajar

Da yawa suna tsallake wannan, su shiga danne-danne a makance, su gyara ɗaya su ɓata biyu. Buɗe manhajar da ke ba ka matsala, sannan ka danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager. Je shafin Details, ka danna maɓallin dama na linzami a kan kanun ginshiƙan, ka zaɓi Select columns, ka sa alama a DPI Awareness. Yanzu nemi sunan manhajar ka karanta abin da aka rubuta a gabanta.

Idan ka ga Unaware, manhajar tana zane a DPI 96 kullum. Za ta yi kyau a monita mai 100%, ta yi dishi-dishi a mai 150%, ko wanne ne babba a cikinsu. Idan ka ga System, tana yin kyau ne a babban monita kaɗai. Idan kuwa an rubuta Per-Monitor, ya kamata ta yi kyau ko'ina, don haka kada ka taɓa saitinta na Compatibility, ka nemi matsalar a cikin saitin manhajar kanta ko a wani ƙari da aka ɗora mata.

Mataki na uku: zaɓi babban monita da hankali

Ga manhajar da ta nuna System, wannan ne gyara mafi sauƙi, kuma sau da yawa ya wadatar. A misalinmu, idan ƙaramin monita ne babba, manhajar za ta zana ɗigo 600, a faɗaɗa su zuwa 900 a allon 4K. Idan kuwa mai 4K ne babba, za ta zana ɗigo 900, a matse su zuwa 600 a ƙaramin. Matsewa ta fi faɗaɗawa kyan gani nesa ba kusa ba, domin wajen matsewa bayanai ne suka yi yawa ake ragewa, wajen faɗaɗawa kuwa cike gurbi ake yi da ƙiyasi. Rubutun zai ɗan yi laushi a ƙaramin monita, amma ana karanta shi ba tare da ido ya gaji ba.

To, a Display danna monita mai 4K, ka sa alama a Make this my main display. Banda ga wannan ƙa'ida ɗaya ce: idan tsohuwar manhajar a ƙaramin monita take zaune duk yini, mai da shi babba, ta yi garau a inda ake amfani da ita.

Bayan canjin, rufe manhajar gaba ɗaya ka sake buɗewa. Idan tana da gunki kusa da agogo, rufe ta daga can ma, domin danna X sau da yawa ɓoye tagar kawai yake yi. Idan har yanzu ba ta canja ba, yi Sign out ka sake shiga, saboda wasu manhajojin suna riƙe da DPI na lokacin da aka shiga Windows. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa mai laftof ke ganin komai ya dushe bayan ya haɗa monita na waje ya rufe murfin. Babban monita ya canja, manhajojin da ke buɗe kuwa ba su sani ba. A Windows 10 akwai wani maɓalli a Advanced scaling settings mai suna Let Windows try to fix apps so they're not blurry. Kunna shi, amma ka sani babban monita kawai yake kula da shi.

Mataki na huɗu: tilasta wa manhaja ɗaya

Idan na sama bai isa ba, a Task Manager danna dama a kan sunan manhajar ka zaɓi Open file location. Rufe manhajar, ka danna dama a kan fayil ɗinta mai ƙarewa da .exe, sai Properties, sai Compatibility, sai Change high DPI settings. A ƙasan akwatin sa alama a Override high DPI scaling behavior. Zaɓi uku ne a jerin, kuma kowanne yana da abin da yake ci maka.

Fara da System (Enhanced), wanda ya zo a Windows 10 a 2017. Windows yana kama rubutu da layukan da manhajar ke zanawa ta tsohuwar hanyarsa ta GDI, ya zana su da ƙarin ɗigo. Idan ya yi aiki, haruffa da jerin zaɓi suna fitowa tsaf da girman da ya dace a monitocin biyu. Gumaka da hotuna za su ci gaba da dushewa, domin su hotuna ne tun asali. Manhajar da ke zane ta wata hanyar ba za ta nuna wani bambanci ba, wata kuma rubutunta zai yanke ko ya hau kan juna. Duba ƙananan akwatunan saitinta da kyau, a nan ɓarnar ta fi bayyana.

Idan bai yi ba, gwada Application. Wannan yana hana Windows faɗaɗawa ko matsewa kwata-kwata, don haka dishi-dishi ya ƙare. Amma girman ba zai ƙara daidaita kansa ba. Tagar da aka zana a ɗigo 600 za ta tsaya a 600 a allon 4K, ta koma 'yar ƙarama, wadda kuma ta tashi da girman 150% za ta yi ƙatuwa a ƙaramin monita. Zaɓin ya dace da manhajar da ke da saitin girman haruffa a cikinta, ko wadda ba ta barin monita ɗaya. Na ukun, System, ba ya maganin dushewa. Amfaninsa shi ne ga manhajar da ke fitowa mitsitsi ko maɓallanta suka cakuɗe: yana dawo mata da girma da tsari, da dishi-dishin a matsayin farashi.

A saman wannan akwatin akwai sashen Program DPI. Idan ka sa masa alama ka zaɓi I open this program, manhajar za ta ɗauki DPI na babban monita a lokacin da aka buɗe ta, ba na lokacin shiga Windows ba. Mai yawan cire laftof daga monita ya mayar zai huta da yin Sign out. Canja abu ɗaya a kowane gwaji, ka rufe ka buɗe, ka ja tagar zuwa ɓangarorin biyu, sannan ka yanke hukunci.

Word, Excel da Outlook suna da nasu saitin, kuma shi ya kamata a taɓa, ba Compatibility ba. Shiga File, sai Options, sai General, a ƙarƙashin When using multiple displays ka zaɓi Optimize for best appearance, sannan ka sake buɗe manhajar. Ɗayan zaɓin, Optimize for compatibility, yana mai da ita irin System da gangan, saboda tsofaffin ƙare-ƙaren da ke rikicewa idan DPI ya canja.

Idan manhajar ta ƙi duk wannan

Abin da ya rage shi ne sauƙaƙa wa Windows lissafin. Mai da monita mai 4K zuwa 200%, ƙaramin ya tsaya a 100%. Yanzu kowane ɗigo ɗaya yana zama biyu cif a kwance da tsaye, babu rabi, sai gefen haruffa ya fi tsabta a kan na 150%. Abin da za ka rasa shi ne fili: a 150% allon yana ɗaukar aiki kamar mai 2560×1440, a 200% kuwa kamar mai 1920×1080, kuma a inci 27 wasu za su ga komai ya yi girma fiye da kima.

Akwai kuma abin da ba matsala ba ne ko da ya yi kama da ita. Yayin da taga ke tsakanin monitocin biyu, tana bin DPI na wanda mafi yawan jikinta ke kai, don haka ɓangaren da ya leƙa ɗayan zai yi girma ko ƙanƙanta, kuma tagar za ta yi tsalle ta canja girma da zarar fiye da rabinta ya ƙetare. Babu saitin da ke hana wannan. Tura taga gaba ɗaya da Win+Shift da kibiyar hagu ko dama yana kai ta ɗayan monitan ba tare da ta tsaya a tsakiya ba.