Kada katangarku ta kwanta da iskar damina

Jama'a, katangar maƙwabcina a unguwar Arkilla da ke Sakkwato ta kwanta da iskar farkon damina. Doguwa ce, ba ginshiƙi ko ɗaya, harsashin kuma bai kai taku biyu ba.

In za ku ja taku katangar, a haƙa har a taɓa ƙasa mai tauri, a zuba kankare mai faɗin bulo sau uku. Duk mita 3 a tsayar da fila, rodinta ya taso daga cikin kankaren harsashin, don rodin da aka soka daga baya ado ne kawai.

Zafin Sakkwato kuma yana buɗa gini, sanyin hunturu ya tsuke shi. Saboda haka duk mita 6 ku bar tsaga mai faɗin yatsa tun daga ƙasa har sama, kada birkila ya cike ta da siminti.