Yadda ake barin maganin damuwa ko na taɓin hankali ba tare da an yanke shi dare ɗaya ba

"Likita, na warke, in daina sha?" Wannan tambaya ba ta yankewa a ɗakin duba marasa lafiya. Kafin komai a ƙirga watanni. Maganin ciwon damuwa irin su amitiriftilin ana ci gaba da shansa aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Na taɓin hankali kuwa, kamar halofaridol ko olanzafin, yakan kai shekara 1 zuwa 2 bayan tashin ciwon na farko, wani ma fiye da haka.

Idan lokaci ya yi, ka koma wurin likitan da ya rubuta maka, ku tsara ragi tare. A ce Malam yana shan amitiriftilin miligiram 75 da dare. Likita zai iya sauke shi zuwa 50, a zauna a nan mako 2 zuwa 4, sannan 25, a sake jira. Matakin ƙarshe shi ya fi wuya, don haka a nan ake ƙara sassautawa, ba gaggawa.

A kowane mataki ka lura da lokacin da alamu suka zo, domin nan ne mutane suka fi ruɗewa. Jiri, tashin zuciya, gumi, munanan mafarkai, ko jin kamar lantarki ya ja ka a kai, idan suka bayyana cikin kwana 2 zuwa 4 da ragewa, galibi jiki ne ke neman abin da ya saba. A sanar da likita, yakan mayar da kai matakin baya su lafa. Dawowar ciwon kuwa a hankali take lallaɓowa, bayan makonni: barci ya ƙaurace, mutum ya daina shiga jama'a, zargi ko jin muryoyi su dawo. Sau da yawa matar gida ko mahaifiya ce ke fara gani, shi ya sa nake son a sanar da mutum ɗaya a gida kafin a fara.

To, idan illar maganin ce ta ishe ka fa? Bushewar baki da taurin bayan gida, a yawaita ruwa da ganye. Yawan barci, a nemi likita ya mayar da shan zuwa dare. Olanzafin na sa ƙiba, sai a riƙa hawa sikeli ana gwada sukari. Wanda ya fi tayar da hankalin iyali shi ne wuya ya karkace, ido ya kafe sama, harshe ya fito bayan an fara halofaridol. Ba aljanu ba ne, illar magani ce, kuma akwai maganin da ke sassauta jikin da wuri a asibiti.

Abu biyu ba sa jiran ranar ganin likita: zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da ruɗewa, da kuma tunanin kashe kai. A kai mutum asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.