Rahoton hatsari a wurin aiki: kada ku zuba labari cikin gurbi ɗaya

'Yan'uwa masu shigar da rahoton hatsari a kwamfuta, ga abin da na koya a wata masana'antar man gyaɗa a Gombe. Rahoto ya zo mini da rubutun hannu: "Injin matsa ya kama yatsan ma'aikaci ranar Talata, an kai shi asibiti, an yi wa kowa gargaɗi."

Kwanan wata tukuna. "Talata" ba ta da amfani bayan wata uku. Ku nemo ainihin ranar, ku rubuta shekara, wata, rana, kamar `2024-03-05`, don ya jeru daidai. Ranar da abin ya faru daban, ranar da aka kawo rahoto daban.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne gurbin `cause`, wato dalilin hatsari. Kama yatsa ba dalili ba ne, abin da ya faru ke nan. Da na je na tambaya, ashe an cire murfin kariya don share injin, ba a mayar ba. Wannan ne dalilin. Ku tsara zaɓi ƙayyadaddu, domin in kun bar kowa ya rubuta son ransa, wani zai sa "sakaci", wani "ganganci", ƙirga ya gagara.

Rauni kuwa gurbi biyu ne: `injury_type` murƙushewa, `body_part` yatsa.

A `corrective_action`, wato gurbin matakin gyara, ni ba na karɓar "an yi gargaɗi". Me za a gyara, wa zai gyara, zuwa yaushe? Mu mun rubuta: a mayar da murfin, a riƙa kashe wuta kafin shara, shugaban sashe ya duba ranar Juma'a, muka kuma sa cikakken kwanan watanta.